Yada zango ba tare da biza ba: za ka tsaya a zauren filin jirgi ne, ko tikitinka zai shigar da kai ƙasar?

Yawancin tafiye-tafiyen nesa daga Kano ba a yin su da jirgi ɗaya. Ɗan kasuwar Kwari mai zuwa Guangzhou, da ɗalibi mai zuwa Kanada, da mai raka mara lafiya Indiya, duk sai sun sauka a wani gari sun canza jirgi, galibi Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha. Tambayar da kowa ke yi wa ejan ita ce: "Sai na nemi bizar wannan ƙasar da zan yada zango?" Amsar da aka fi bayarwa kuma ita ce: "A'a, ai wucewa kawai za ka yi." Wannan amsar daidai ce a wasu tikitoci, a wasu kuma ita ce ke sa a juyo da mutum daga kantar awon kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano, da akwatinsa da 'yan rakiyarsa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, niyyarka ba ta cikin lissafi. Ko ka rantse ba za ka leƙa gari ba, hukuma ba wannan take dubawa ba. Abu biyu take dubawa: shin tsarin tikitinka zai tilasta maka bi ta teburin jami'an shige da fice, sannan shin fasfon da ke hannunka yana cikin waɗanda aka yarda su zauna a filin babu biza.

Zaure da cikin gida

Babban filin jirgi kamar gidan Bahaushe yake. Akwai zaure, inda baƙo zai zauna ya huta ya kama gabansa ba tare da an ce ya shiga gidan ba, akwai kuma cikin gida, wanda ba a shiga sai da izini. Zauren filin jirgi shi ne ɓangaren da ke tsakanin ƙofar jirgin da ya kawo ka da ƙofar wanda zai ɗauke ka. A nan shaguna da wuraren cin abinci da kujerun jira suke, da masallaci a filaye irin na Doha da Istanbul, wani lokaci har da otal. Iyakar zauren ita ce layin teburan da ake buga wa fasfo hatimi. Muddin ba ka tsallaka wannan layin ba, a dokar shige da fice ba a shigar da kai ƙasar ba. Da zarar jami'i ya buga hatimi ka wuce, ka shiga, ko da taku goma ka yi zuwa wajen ɗaukar kaya ka dawo.

Kada wannan ya sa ka zaci zauren ba ƙasar kowa ba ne. Dokar ƙasar tana aiki a cikinsa, 'yan sandanta na iya tsayar da kai su bincike ka, abin da aka haramta a gari haramun ne a can. Izinin shiga ne kawai ba a ba ka ba.

Idan ka sauko daga jirgi, alluna za su raba hanya gida biyu. Ɗaya an rubuta Transfer, ko Transit, ko Connecting Flights: wannan ce hanyar zaure. Ɗayar an rubuta Arrivals, ko Passport Control, ko Baggage Claim: wannan ce hanyar shiga ƙasa. Mafi yawan fasinjojin jirgin na iya bin ta biyun domin su sun iso gida, don haka kada ka bi yarima ka sha kiɗa. Ɗaga kai ka karanta allo.

Mataki na farko: tikiti ɗaya ne ko biyu?

Wannan ne ya fi cin mutane, don haka zan daɗe a kansa.

Idan tikiti ɗaya ne daga Kano zuwa ƙarshen tafiya, kamfanin ya ɗauki alhakin kai ka har can. A kanta za a auna akwatinka, a liƙa masa takarda mai ɗauke da harufan filin ƙarshe, a ba ka katin shiga jirgi na farko da na biyu, ko a ce ka karɓi na biyun a teburin masu canza jirgi da ke cikin zaure. Akwatin zai bi ta ƙarƙashin gini zuwa jirgi na biyu ba tare da ka taɓa shi ba. Babu abin da zai kai ka wajen hatimi.

Idan tikiti biyu ne daban, kamfani na farko ya gama da kai a garin zango. Can zai sauke akwatinka, a wajen ɗaukar kaya, wanda ke bayan teburan shige da fice. Kafin ka ɗauki akwatin sai ka shiga ƙasar, sannan ka zagaya ka sake awo a kantar kamfani na biyu kamar sabon fasinja. Kenan kana buƙatar cikakken izinin shiga, duk da cewa awa uku kawai za ka yi. Abin da ya fi ciwo, ma'aikacin kanta a Kano ma ba zai ɗauke ka a matsayin mai wucewa ba. A na'urarsa tafiyarka ta ƙare a garin zango, don haka bizar wannan ƙasar zai tambaye ka.

Ta yaya za ka gane? Kada ka dogara da cewa takarda ɗaya aka buga maka, ko saƙo ɗaya aka turo maka ta waya, domin ana iya jera tikiti biyu a shafi guda. Nemi lambar tikiti. Tana da lambobi 13, ukun farko na nuna kamfanin da ya fitar da shi: 071 na Ethiopian ne, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways. Duba ko duk jiragen tafiyarka suna ƙarƙashin lamba ɗaya. In ka ga jirgin farko da lambarsa, na biyu da wata daban mai wasu ukun farko, tikiti biyu aka haɗa maka. Haka nan a shafukan sayar da tikiti masu rahusa, in ka ga an rubuta self-transfer kusa da farashi, ma'anarsa kai za ka ɗauki kayanka ka sake awo da kanka. Arahar da ka gani daga nan ta fito.

Wasu na cewa, to, sai in tafi da jakar hannu kaɗai, in ciro katin shiga jirgi na biyu ta waya. A wasu filaye hakan na yiwuwa, amma ba na ba wa mai fasfon Najeriya wannan shawarar. Kamfanoni da yawa ba sa sakin katin ta waya sai ma'aikacinsu ya ga biza da idonsa, kantarsu kuma na iya kasancewa a waje. Sannan kamfanin farko yana da ikon ƙin ɗaukar ka tun daga Kano.

Ranar tafiya, kafin akwatin ya shige, karanta takardar da aka liƙa masa da 'yar ƙaramar shaidar da aka manna maka a bayan kati. In Guangzhou za ka, ya kamata ka ga CAN. In Toronto ce, YYZ. In ka ga harufan garin zango kaɗai, kamar CAI ko ADD, yi magana nan take, kafin ka bar kanta.

Mataki na biyu: me kuma zai fitar da kai daga zaure?

Ko da tikitin ɗaya ne, akwai tsare-tsaren da ke tilasta shiga ƙasa.

Na farko, canjin filin jirgi. Manyan birane na da fili fiye da ɗaya. Istanbul na da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya. Landan na da LHR da LGW da wasu. Paris na da CDG da ORY. In ka sauka a ɗaya za ka tashi a ɗayan, mota za ka shiga ka ratsa gari, wannan kuwa shiga ƙasa ce ba tantama. Sunan birnin iri ɗaya ne a takarda, harufa ukun ne ke tona asiri, don haka gwada harufan inda ka sauka da na inda za ka tashi.

Na biyu, jirgin cikin gida a tsakiyar tafiya. In za ka sauka a wani birni na ƙasa, ka hau jirgi zuwa wani birninta kafin ka fita, a birnin farko za a shigar da kai, domin jiragen cikin gida ba daga zauren ƙasa da ƙasa suke tashi ba.

Na uku, tsawon jira. Izinin zama a zaure yana da iyaka, a wurare da dama awa 24 ne, a wasu bai kai haka ba. Akwai kuma filayen da ke rufe zaurensu da dare, wanda jirginsa sai gobe dole ya fita. Duba lokacin sauka da na tashi, ka lura da alamar +1 da ake sawa kusa da lokaci don nuna washegari. Mutum kan ga sauka ƙarfe tara na dare, tashi ƙarfe goma sha ɗaya, ya ɗauka awa biyu ce, alhali awa ashirin da shida ce.

Mataki na uku: fasfonka an yarda ya zauna a zauren?

A Alƙahira da Addis Ababa da Doha da Istanbul, mai tikiti ɗaya da ke da jirgin gaba a cikin ƙayyadadden lokaci yana zama a zaure babu biza. Shi ya sa hanyoyin nan suka zama namu. Sabo da su ne kuma ke sa mutane su zaci ko'ina haka ne.

Ƙasashen Turai na yankin Shengen, wato waɗanda suka cire binciken fasfo a tsakaninsu, suna da jerin ƙasashe 12 da 'yan ƙasarsu ke buƙatar biza ko da zaure kawai za su zauna, kuma Najeriya na ciki, tare da Gana da Habasha da Pakistan da sauransu. Bizar nau'in A ce, aikinta ɗaya: ta ba ka damar zama a zaure. Ba ta ba ka izinin tsallaka teburin hatimi ba, ba ta ba ka izinin kwana a otal ɗin gari ba. Wasu ƙasashen yankin suna ƙara nasu jerin a kan wannan, don haka 'yan'uwanmu masu fasfon Nijar ko Chadi ko Kamaru su duba dokar ƙasar da za su bi, kada su auna da tamu.

Dokar ta yafe wa wasu. Mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Japan ba ya buƙatar nau'in A, haka mai biza ko takardar zama ta wata ƙasar Shengen. Lura da sunan da babu a nan: Birtaniya. Tun da ta fice daga Tarayyar Turai, bizarta ba ta cikin waɗanda ke yafe wa ɗan Najeriya. Ɗalibin da ke da bizar karatu ta Birtaniya, ya sayi tikitin Abuja zuwa Frankfurt zuwa Manchester, yana buƙatar bizar zaure ta Jamus. Wannan tarko ya kama ɗalibai da iyaye masu zuwa bikin yaye 'ya'yansu, domin da yawa sun bi hanyar lafiya lau a shekarun baya.

Ita ma Birtaniya tana da tata bizar zauren ga 'yan Najeriya, wadda ake rubutawa DATV, da wata daban ga wanda zai bi ta shige da fice ya bar ƙasar cikin awa 48. Ita ma tana yafe wa mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Ostireliya ko New Zealand.

Amurka kuwa ba ta da zaure ga mai wucewa. Duk wanda ya sauka daga waje sai ya bi ta shige da fice, ko da bayan awa biyu zai bar ƙasar. Ta dakatar da tsarin wucewa babu biza tun 2003, saboda haka sai da bizar wucewa C-1 ko ta ziyara. Kanada ma na neman bizar wucewa daga ɗan Najeriya.

Ga 'yan kasuwarmu, wata magana game da Sin. A Disamban 2024 ta faɗaɗa izinin wucewa babu biza zuwa awa 240, labarin kuma ya zagaya a waya kamar an buɗe wa kowa ƙofa. Wannan izinin na jerin wasu ƙasashe ne, Najeriya ba ta ciki. Ko ga waɗanda ke ciki ma, sharaɗinsa shi ne mutum ya wuce zuwa ƙasa ta uku. Tashi daga Kano zuwa Guangzhou a dawo Kano ziyara ce, sai da biza.

Tikiti biyar a gaban ɗalibi ɗaya

Mu ɗauki ɗalibi daga Gwammaja da ya samu gurbin karatu a Toronto. Fasfonsa na Najeriya ne, an liƙa masa bizar Kanada, ba shi da wata biza bayan ita. Ejan ya turo masa hanyoyi biyar.

Ta farko: Kano zuwa Alƙahira zuwa Toronto, lambar tikiti ɗaya, jiran 'yan awoyi. Akwati zai wuce da takardar YYZ, shi kuma zai bi allon Transfer, a sake binciken jakarsa, ya zauna a ƙofar jirginsa. Babu buƙatar bizar Masar. Wannan hanya tsaf take.

Ta biyu: Abuja zuwa Frankfurt zuwa Toronto. Zango ɗaya ne a Shengen, jirgin da ya kawo shi daga waje yake, wanda zai ɗauke shi ma waje za shi, don haka yana zaure. Fasfonsa na cikin jerin masu buƙatar nau'in A, amma bizar Kanada ta yafe masa. Zai wuce. Abokinsa da suka yi aji ɗaya, mai zuwa Manchester da bizar Birtaniya, ba zai hau wannan jirgin na farko ba sai da bizar Jamus.

Ta uku ta fi ta biyu araha: Abuja zuwa Paris zuwa Amsterdam zuwa Toronto, tikiti ɗaya, akwati har ƙarshe. A ido babu bambanci sai ƙarin zango. Amma Faransa da Holan duk Shengen ne, jirgin da ke tsakaninsu kamar na cikin gida yake. Kafin ya kai ƙofar jirgin Amsterdam sai ya bi ta teburin shige da fice a Paris. Kenan ya shiga Shengen, abin da ake nema a nan kuma cikakkiyar biza ce nau'in C. Bizar Kanada ta yafe masa nau'in A ne kaɗai, ba ta buɗe masa cikin gida ba. Ko da ya je ya nemo nau'in A ɗin ma ba za ta yi aiki ba. Za a tsayar da shi tun a Abuja. Ƙa'idar da ya kamata ya haddace ita ce: zango biyu a Shengen, shiga ƙasa ne.

Ta huɗu: Legas zuwa Atlanta zuwa Toronto. Ba shi da bizar Amurka, magana ta ƙare.

Ta biyar ita ce mafi araha duka: Kano zuwa Alƙahira da wani kamfani, sannan Alƙahira zuwa Toronto ta wata hanya da wani kamfanin daban, lambobin tikiti biyu. Garin zangon shi ne na hanya ta farko, amma hukuncin ya sha bamban. Akwatuna biyun da ya cika da kayan sanyi da yaji da kilishi za su fito a wajen ɗaukar kaya, bayan teburin hatimi, shi kuma ba shi da bizar Masar. Ko da an warware wannan, in jirgin Kano ya yi latti ya rasa na biyun, kamfani na biyu zai rubuta shi a wanda bai zo ba, tikitin ya ƙone. A hanya ta farko, in latti ya faru, kamfanin ne zai nema masa jirgi na gaba.

Cikin biyar ɗin, biyu ne kawai ke kai shi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta kasance mafi araha.

Mataki na huɗu: duba abin da ma'aikacin kanta zai duba

Hukuncin farko a Kano ake yanke shi, kafin ka ga ƙasar zango. Dalili kuwa, in kamfani ya kai fasinjan da takardunsa ba su cika ba, ƙasar na iya cin sa tara, kuma dole ya mayar da mutumin inda ya ɗauko shi. Don haka ma'aikacin kanta yana saka ƙasar fasfonka da hanyarka a wani kundin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA mai suna Timatic, abin da ya fito shi zai bi. Roƙo ba ya canza shi, kiran wani babba a waya ma ba ya canza shi, kuma bai kamata a ga laifin ma'aikacin ba.

Kai ma za ka iya ganin irin wannan bayanin kafin ka biya. Shafin IATA Travel Centre yana ba da shi, kamfanoni da yawa ma suna da wurin duba sharuɗɗan tafiya a shafinsu. Saka ƙasar fasfo, da inda za ka, da kowane garin zango ɗaya bayan ɗaya, da ranakun tafiya. Nemi layin da aka rubuta TWOV, wanda ke bayanin wucewa babu biza, ka karanta shi har ƙarshe, domin sharuɗɗan na wutsiya: iyakar awoyi, tabbataccen tikitin gaba zuwa ƙasa ta uku, zama a zaure, da ƙasashen da aka cire. Sannan ka tabbatar a shafin ofishin jakadancin ƙasar zangon. Dokokin nan na canzawa, abin da maƙwabcinka ya bi bara ba hujja ba ne bana, don haka ka sake dubawa ana saura mako guda tafiya.

In ta hannun ejan kake saye, kada ka tsaya a "babu matsala". Ka ce masa: "Malam, lambar tikitin ɗaya ce? Kayana har ƙarshe za su wuce? Filin da zan sauka shi ne zan tashi? Turo mini abin da Timatic ya ce a kan fasfon Najeriya a wannan hanyar." Ejan da ya san aikinsa zai amsa waɗannan cikin minti kaɗan. In ka ga ana kewaye-kewaye, riƙe kuɗinka tukuna.

Idan da gangan kake son shiga

Wani lokaci jiran ya yi tsawo, ko da tsoho kake tafe, ko da ƙananan yara, gado ya fi kujera. Hanya mafi sauƙi ita ce otal ɗin da ke cikin zaure, kamar yadda ake da shi a Doha da Istanbul da Addis Ababa. Kwana a nan bai zama shiga ƙasa ba, sai dai yana da tsada kuma yana cika.

Hanya ta biyu ita ce otal ɗin gari ta hannun kamfani. Ethiopian na ba fasinjan da jiransa ya kama tsakanin awa 8 zuwa 24 masauki a Addis Ababa bisa sharuɗɗansu, tare da izinin wucewa. Tambayi ko tikitinka ya cancanta tun lokacin saye, ka kuma tabbatar a kanta. Ka sani cewa a nan ka shiga ƙasar da gaske, da izini mai gajeren wa'adi. Motar da ta kai ka ita za ta dawo da kai, kada ka makara, kada ka tafi ziyarar da za ta sa ka rasa jirgi, domin wanda ya wuce wa'adi ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba. A wasu filaye ana riƙe fasfon mai irin wannan kwanan har ya dawo, don haka ka ɗauki hoton shafin fasfonka da na biza a waya, ka kuma adana duk takardar da aka ba ka a madadinsa.

Hanya ta uku ita ce bizar zango da ake nema tun daga gida. Saudiyya ta ɓullo da ta awa 96 a 2023 ga masu bin jiragen Saudia da Flynas, wadda ake iya yin Umara da ita. Daular Larabawa na da ta awa 48 da ta awa 96 da ake nema ta hannun kamfanin jirgi. Dukansu kafin tashi ake samun su, kuma sai an amince. Kada ka gina tafiya a kan za ka karɓa a can.

Gargaɗi ɗaya ga mai bizar shiga sau ɗaya: in ka tsallaka teburin hatimi da ita yayin zango, ka cinye ta. Mai bizar Shengen ta shiga ɗaya da ya fita shan iska a Frankfurt a hanyarsa ta zuwa wata ƙasa, ba zai iya komawa da ita ba ranar taron da ya nemo ta dominsa.

Idan abu ya kwaɓe kana zaure

Jirgi na iya latti, a rasa na gaba, jiran awa uku ya zama na kwana. Kada ka shiga layin hatimi don neman ofishin kamfani. Teburin masu canza jirgi yana cikin zaure, can za ka je da fasfo da katinka da shaidar akwati. In sun ba sauran fasinjoji otal a gari, mai fasfon da ke buƙatar biza na iya rasa wannan, musamman a Turai, sai ya nemi takardar abinci da wurin kwanciya a ciki. In za su sauya maka hanya, duba sabuwar da idon da ka duba ta farko kafin ka karɓa. Ma'aikacin da ke gaggawar rage layi na iya ɗora ka a hanyar da ke da zango biyu a Shengen, ko ta Amurka. Gaya masa fasfon Najeriya ne da kai, ka nuna masa bizar da kake da ita, ya sake dubawa.

Saboda irin wannan ranar, maganin hawan jini ko na suga, da cajar waya, da kaya saiti ɗaya, da rigar sanyi, su kasance a jakar hannu, domin akwatinka ba zai zo hannunka ba sai ƙarshen tafiya. Ka kuma tuna cewa a zango ana sake binciken jaka, a yawancin filaye kuma ruwa-ruwan da kwalbarsa ta wuce mililita 100 ba ya wucewa. Turare da zuma da man shafawa su tafi cikin babban akwati tun daga gida.

Sannan a lissafa dawowa daban da tafiya. Hanyar dawowa na iya bi ta wani gari, kuma bizar da ta yafe maka a tafiya tana iya ƙarewa kafin ka juyo. Ɗalibin nan na Toronto, takardar izinin karatun da za a ba shi in ya sauka ba biza ba ce. In zai zo hutu Kano ta Frankfurt ko Landan, sai ya buɗe fasfo ya duba ranar ƙarewar bizar da aka liƙa masa, ya sake saka hanyar a Timatic da wannan ranar, zuwa da komawa, kafin ya biya kuɗin tikiti.